Wasiƙar da ta ce ba za a biya ba: yadda muka karanta ta layi-layi

Yau ba maganar rigakafi ko awon ciki na zo da ita ba kamar yadda na saba. Maganar wata takarda ce mai shafi ɗaya da rabi, wadda kan iso gida a lokacin da mutanen gidan ba su da ƙarfin karanta komai: wasiƙar kamfanin inshora da ke cewa ba zai biya diyya ba.

Inshora ba ta yi yawa a yankinmu na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba, amma tana shigowa ta hanyoyin da ba mu lura ba. Wanda ya karɓi bashin banki akan haɗa masa da ita. Ma'aikaci akan yi masa ta wurin aiki. Ɗan kasuwa kuma wakilin kamfani kan same shi har rumfarsa. Yawanci maigida ne ke sa hannu, kuma yawanci matarsa ce wasiƙar ke tararwa bayan ba ya nan. Abin da nake so ku riƙe shi ne, wasiƙar ƙin biya ba hukuncin kotu ba ce. Da'awa ce da ɓangare ɗaya ya yi, ya jingina ta a kan wasu sharuɗɗa masu lamba. Ana iya ɗauko kowane sharaɗi a ajiye shi kusa da abin da ya faru da gaske, a ga ko ya hau ko bai hau ba. Wani lokaci kamfanin ne ke da gaskiya, wani lokaci kuma ba shi ba ne. Ba za ku sani ba sai kun auna.

Zan ba ku labarin yayata, da izininta. Ba zan ambaci sunanta ko na kamfanin ba.

Abin da ya faru

Mijinta, Allah ya jiƙansa, ɗan kasuwar hatsi ne. Masara yake saye a Sheme da Ɗandume, ya ajiye, ya sayar idan ta yi daraja. A ranar 1 ga Maris 2022 ya shiga inshorar rai ta naira miliyan 3, yana zuba naira 15,000 duk bayan wata uku. A ranar 9 ga Nuwamba 2023 Allah ya yi masa rasuwa a asibiti a Katsina, bayan shanyewar ɓarin jiki. Ya bar mata yara biyar da bashin dillalai.

Ba wanda ya san da zancen inshorar sai bayan sadakar arba'in, da aka buɗe akwatin takardunsa. Ƙaninsa ya sanar da kamfanin ranar 27 ga Disamba, ya kai takardar likita ta shaidar rasuwa da sauran abin da suka nema. A ƙarshen Fabrairu 2024, Yaya tana cikin takaba, amsa ta zo cikin Turanci. Sun yi ta'aziyya a layin farko, suka ce ba za su biya ba a layi na uku. A ƙarshe suka ce don tausayawa za su mayar da abin da marigayin ya zuba, wato zubi bakwai, naira 105,000, idan aka sa hannu a wani fom da suka maƙala.

Da na fassara mata, sai ta ce, "Auta, a karɓa kawai. Da babu gwamma ba daɗi. Ni ba zan yi shari'a a kan ran Baban yara ba."

Na ce, "Yaya, ba shari'a za mu yi ba. Ki ba ni mako biyu in karanta. Idan su ke da gaskiya, ni zan kawo miki biro."

Wannan fom ɗin shi ne abu na farko da za ku yi hattara da shi. Rubutun da ke cikinsa yana cewa wanda ya sa hannu ya karɓi haƙƙinsa gaba ɗaya, ba shi da sauran wata da'awa. Idan kun sa hannu kun karɓi 105,000, to da wuya ku dawo ku nemi miliyan 3. Kada a sa masa hannu sai an gama auna sauran wasiƙar.

Takardu uku, ba ɗaya ba

Wasiƙar ita kaɗai ba ta karantuwa, domin cike take da nuni: duba sharaɗi na kaza, duba tambaya ta kaza. Sai da na haɗa ta da wasu takardu biyu. Ta farko ita ce takardar yarjejeniyar kanta, wani ɗan littafi mai shafi goma sha biyu da muka samu a akwatin. Ta biyu ita ce fom ɗin da marigayin ya cike ranar shiga, mai tambayoyi a kan lafiyarsa. Wannan ba ya hannunmu, sai da muka rubuta muka nemi kwafinsa. Ku nema, domin ba za ku iya kare amsar da ba ku gani ba.

Ita yarjejeniyar tana da sassa, kuma kowanne da aikinsa. Akwai shafin farko mai suna da ranar farawa da adadin kuɗi. Akwai sashen ma'anar kalmomi, wanda mutane ke tsallakewa alhali nan ne ake cin mutum ko ya ci. Akwai jerin abubuwan da aka ware, wato yanayin da kamfani ya ce tun farko ba zai biya ba. Sannan akwai sharuɗɗan da ke kan mai inshora, kamar biyan zubi a kan kari da sanarwa idan abu ya faru.

Na ɗauki fallen takarda na ja layi uku. A na farko na rubuta dalilin da suka bayar. A na biyu na kwafe sharaɗin da suka ambata kalma-kalma daga littafin, ba daga wasiƙar ba, domin wasiƙa kan taƙaita sharaɗi ta yadda zai fi yi mata daɗi. A na uku na rubuta abin da ya faru, da kwanan wata, da takardar da za ta tabbatar da shi. Dalilansu uku ne.

Dalili na farko: an makara wajen sanarwa

Yarjejeniyar ta ce a sanar da kamfani cikin kwana 30 da rasuwa. Daga 9 ga Nuwamba zuwa 27 ga Disamba kwana 48 ne. A lissafi sun yi daidai, kuma ba mu musa ba.

Amma ba kowane saɓa sharaɗi ne ke kashe haƙƙi ba. A lokacin, Dokar Inshora ta 2003 ce ke aiki, kuma wani lauya abokin mijina a Funtuwa ya nuna mini sashe na 55 nata. Abin da yake nufi shi ne, kamfani ba zai fake da saɓa wani sharaɗi ba sai sharaɗin yana da nauyi kuma yana da alaƙa da haɗarin ko asarar da aka yi inshorar dominta. Kuma ba zai yi watsi da da'awa ba sai idan saɓawar zamba ce, ko kuwa sharaɗin na cikin ginshiƙan yarjejeniyar.

To ku tambayi kanku: me ya sa aka sa sharaɗin sanarwa da wuri? Don kamfani ya samu damar bincike kafin shaida ta ɓace. Da gobarar shago ce, kwana 48 na da yawa, an share toka an sake gini. Amma mutumin da ya rasu a gadon asibiti, fayil ɗinsa na nan, likitansa na nan, takardar shaidar na nan. Ƙarin kwana 18 bai ɓatar musu da komai ba. Hasali ma sun yi bincikensu sarai, tunda dalili na biyu daga fayil ɗin asibiti suka samo shi. Wannan shi ne dalilin da ya fi rauni, kuma na lura an sa shi ne don ya ƙara wa wasiƙar kauri.

Duk da haka, darasin na nan. A al'adarmu ba a maganar dukiya kafin a share makoki, amma kalandar kamfani ba ta san sadakar bakwai ko ta arba'in ba. Sanarwa ba rabon gado ba ce. Saƙo ne na layi biyu da wani namiji a gidan zai iya aikawa a makon farko. Sai dai ba zai aika ba idan bai san akwai inshorar ba. Maza, ku gaya wa matanku inda takardun suke.

Dalili na biyu: wai ya ɓoye hawan jini

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne aikina na jinya ya yi amfani.

Inshora ta dogara ne a kan cewa mai shiga zai faɗi gaskiyar abin da ya sani. Kamfani bai san jikinka ba, da amsarka yake yanke ko zai ɗauke ka, da nawa za ka riƙa zubawa. Idan ka ɓoye abu mai nauyi, yana da damar cewa yarjejeniyar ba ta ƙullu ba tun asali. Shi ya sa suka ce za su mayar da zubi: suna nufin kamar ba a taɓa yin cinikin ba.

Wasiƙar ta ce marigayin ya amsa "a'a" a tambayar hawan jini, alhali katinsa na asibiti ya nuna an auna jininsa a watan Agusta 2021 an samu 158/96. Kuna iya mamakin yadda suka ga katin. A ƙasan fom ɗin shiga akwai layin da mai sa hannu ke ba kamfani izinin neman bayanin lafiyarsa daga kowane asibiti. Ya sa hannu, don haka da izininsa suka duba.

Da kwafin fom ɗin ya iso, sai na karanta tambayar kanta. Ba cewa ta yi "ko jininka ya taɓa hawa" ba. Cewa ta yi: ko likita ya taɓa gaya maka kana da hawan jini, ko kana shan maganinsa? Bambancin nan ba ƙarami ba ne. Sashe na 54 na waccan dokar ya ɗora wa kamfani nauyin tsara fom ɗinsa ya tambayi duk abin da yake ganin yana da muhimmanci, kuma abin da bai tambaya ba ana ɗaukarsa mara muhimmanci. Ke nan ana auna gaskiyar mutum ne da tambayar da aka yi masa, ba da wadda kamfani ya so a ce ya yi ba.

Sai muka nemi fayil ɗin gaba ɗaya. Ko da yake ma'aikaciyar jinya ce ni, ban shiga ɗakin ajiyar kati na zaro shi ba. Sirrin majinyaci amana ne ko bayan ransa. Yaya ce ta rubuta takardar nema a matsayin matarsa, aka bi ta ofishin shugaban asibitin, aka ba mu kwafi mai hatimi. Kwafi mai hatimi ne kawai zai yi nauyi a idon kamfani.

Ga abin da fayil ɗin ya nuna. A ranar da aka samu 158/96, zazzaɓin cizon sauro ne ya kai shi, jikinsa zafi rau, kansa na sarawa. Likita ya rubuta maganin zazzaɓi, ya ƙara da cewa a sake awon jini idan ya warke. Bayan mako biyu ya dawo, aka samu 132/84. Ba a rubuta masa ciwon hawan jini ba, ba a ba shi maganinsa ba. Sai a Fabrairu 2023, wata goma sha ɗaya bayan shigarsa inshorar, aka auna shi a ranaku biyu aka samu 172/104 da 168/100. A nan ne likita ya rubuta sunan ciwon, ya ɗora shi a kan amlodifin.

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin ganin marasa lafiya ya san awo ɗaya ba ya zama ciwo. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a samu 140/90 ko sama a ranaku biyu mabambanta kafin a ce mutum na da hawan jini. Ciwo da fargaba kan ɗaga awo. Haka wanda ya sauko daga babur aka ɗaura masa abin awo bai huta ko minti biyar ba, ko wanda ya gama cin goro, ko mai kaurin dantse da aka ɗaura wa ƙaramin maɗauri. Kamfanin ya ɗauki layi ɗaya daga katin, ya bar layin da ke biye da shi. Amsar "a'a" da marigayin ya bayar a Maris 2022 gaskiya ce a ranar da ya ba da ita.

Amma bari in faɗa muku inda wannan hujja take tsayawa, don kada wani ya ɗauka kullum haka ake tsira. Da a ce katin ya nuna an rubuta masa amlodifin tun 2021, da magana ta ƙare, da ni da kaina na ce wa Yaya ta karɓi 105,000. Haka nan da a ce yana sayen maganin a kemis ba tare da kati ba, kamar yadda mutanenmu da yawa ke yi, to "a'a" ɗinsa ƙarya ce ko da babu likitan da ya rubuta, tunda rabin tambayar a kan shan magani ne. Na tambayi Yaya wannan kai tsaye kafin mu rubuta komai. Ta ce kafin azumin 2023 ba ta taɓa ganinsa da ƙwayar hawan jini ba.

Akwai kuma batun wanda ya riƙe biron. Marigayin ba ya karanta Turanci sosai, wakilin kamfanin ne ya cike masa fom a rumfa. Mutane kan ɗauka idan wakili ya rubuta ba daidai ba, laifin kamfani ne. Waccan doka ta ce akasin haka: wakilin da ya taimaka maka cike fom, a wannan aikin wakilinka ne kai. Gaskiya ne ta kuma ce abin da ka bayyana wa wakili yana bakin aikinsa kamar ka bayyana wa kamfani ne, amma wa zai tabbatar da maganar baki bayan mai maganar ya kwanta dama? Don haka kada ku sa hannu sai wani naku ya karanta muku kowace tambaya da amsar da aka rubuta, sannan ku ɗauki hoton kowane shafi da waya. Idan kuna da ciwo, ku faɗa. Ƙarshenta a ƙara muku zubi ko a ware wannan ciwon. Ya fi ku yi shekaru kuna zubawa a tulun da ba shi da gindi.

Dalili na uku: ciwon da ya riga yarjejeniya

Wannan ya yi kama da na biyu amma ba ɗaya ba ne. Na biyu yana tuhumar gaskiyar mutum. Na uku ba ruwansa da ko ka yi ƙarya. Yana cikin jerin abubuwan da aka ware, kuma ya ce ba za a biya ba idan mutum ya rasu cikin wata 24 na farko sanadiyyar ciwon da yake da shi kafin ranar farawa. Marigayin ya rasu a wata na 21. Shanyewar ɓarin jiki kuwa hawan jini ne babban mai jawo ta. Idan aka tsaya a nan, kamar sun kama mu.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya ba zan rantse cewa jininsa lafiya lau yake a 2022 ba. Hawan jini ciwo ne mai shigowa a hankali ba sallama. Amma ba a biyan inshora ko a hana ta da zato. Sai na koma sashen ma'anar kalmomi, na ga yadda su da kansu suka fassara "ciwon da ya riga yarjejeniya": ciwon da likita ya tabbatar, ko aka ba da magani a kansa, ko aka ba da shawarar likita a kansa, kafin ranar farawa.

Na farko babu, na biyu babu. Na uku ne ya hana ni barci. Likitan 2021 ya rubuta a sake awo. Shin wannan ba shawarar likita ba ce? Na kai wa lauyan, ya ce nan ne kawai kamfanin ke da abin riƙewa, kuma ya gaya mini ka'idoji biyu da kotuna ke bi. Ta farko, idan kamfani ya fake da wani abin da ya ware, shi ne zai tabbatar cewa lamarin ya faɗa ciki, ba magada ne za su tabbatar bai faɗa ba. Ta biyu, idan kalma a yarjejeniya na ɗaukar ma'ana biyu, ana fassara ta ne a kan wanda ya rubuta ta, tunda shi ya zaɓi kalmominsa. Sannan ga ma'anar fili: shawarar a sake awo bincike ne don a gano ko akwai ciwo, kuma da aka sake, ba a same shi ba. Ba a ba da shawara a kan ciwon da ba a samu ba.

Abin da ba su ambata ba, amma na duba

Kafin mu aika amsa, na bi rasit ɗin zubi ɗaya bayan ɗaya, domin doka ta ce sai an biya zubi inshora ke aiki. Shida an biya su a kan kari. Na 1 ga Maris 2023 sai ranar 24 ga wata ya shiga. Kun tuna lokacin, ƙarancin takardun naira bayan canjin kuɗi, masu hatsi na zaune da kaya ba mai saye, tura kuɗi ta waya kuma sai an yi sa'a.

Yarjejeniyar ta ba da rangwamen kwana 30, don haka yana ciki da saura mako guda. Ku dubi abin da wannan mako ya tsare. Da ya wuce kwana 30, da inshorar ta mutu. Farfaɗo da ita kan buƙaci sabuwar shaidar lafiya, shi kuwa a lokacin wata ɗaya ke nan da likita ya tabbatar masa da hawan jini. Da ko dai ya faɗa a canza masa sharuɗɗa, ko ya yi shiru ya zama ya ɓoye da gaske. Mutane kan ɗauki makara wajen zubi ƙaramin abu, alhali tana iya mayar da agogon gaba ɗaya baya. Ku adana rasit da saƙon banki na kowane zubi, kuma ku biya a asusun kamfani, ba a hannun mutum ba.

Amsar da muka rubuta

Shafi biyu ce, da sunan Yaya. Ba mu yi zagi ba, ba mu yi magiya da marayu ba, domin wanda zai karanta ta ba shi da hurumin biya don tausayi. Hujja yake bukata da zai sa a fayil. A sama muka sa lambar yarjejeniya da lambar wasiƙarsu da kwanan watanta. Sai muka ɗauki dalilan uku bi da bi: ga abin da kuka ce, ga abin da sharaɗin ya ce, ga abin da ya faru, ga takarda ta kaza a maƙale. Muka haɗa da kwafin fayil mai hatimi, da gajeren rahoto daga likitan da ya fara tabbatar da ciwon yana faɗin ranar, da rasit bakwai. Muka ce ba mu karɓi tayin mayar da zubi ba, muna neman a sake duba da'awar a ba mu amsa a rubuce. Muka rufe da cewa idan ba a warware ba za mu kai koke ga hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, wadda ke da sashen karɓar koke-koken jama'a. Asalin takardu duk suna gida, kwafi kawai muka aika, kuma wanda ya kai ya sa aka buga masa hatimin karɓa a kan namu kwafin.

Ba a yi saurin amsawa ba. Sun aiko da ƙarin tambayoyi ga likitan, suka yi shiru, muka tuna musu sau biyu a rubuce. A watan Yuni 2024 suka aiko da sabon fom na biya, naira 2,985,000. Yaya ta ce, "To ina sauran dubu goma sha biyar?" Na koma littafin, na tarar akwai sharaɗin da ya ce za a cire ragowar zubin shekarar da mutum ya rasu a cikinta. Zubin Disamba ne. Wannan karon su ke da gaskiya, kuma na gaya mata haka. Kuɗin ya shiga cikin abin da aka biya bashi da shi, sauran aka raba yadda malamai suka tsara.

Kafin ku rubuta taku

Abubuwa biyu zan ƙara. Na farko, lambobin sassan da na ambata na dokar 2003 ne, wadda ke aiki lokacin da abin ya faru. A shekarar 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora da ta maye gurbinta. Wanda zai rubuta yau, ya sa lauya ya duba masa abin da sabuwar ta ce kafin ya ambaci lamba. Amma hanyar karatun ba ta canza ba: dalili, sharaɗi, abin da ya faru. Idan kuma aka ƙi ku da baki ko ta waya, ku nemi a rubuto muku dalilin, domin ba a amsa maganar da ba ta a takarda.

Na biyu, na san da yawa cikinku takaful kuka zaɓa saboda addini, kuma wannan tsakaninku da malamanku ne. Sai dai kada sunan ya sa ku sakankance. Takardar takaful ma tana da fom na lafiya, da kwanakin sanarwa, da jerin abubuwan da aka ware, kuma ana ƙin biya a can ma idan an saɓa.

Akwai kuma abin da ya shafi mu ma'aikatan lafiya. Layin nan na 132/84, wata ma'aikaciyar jinya ce ta rubuta shi a rana mai cunkoso, da kwanan wata, da hannun da ake iya karantawa. Da ta auna ta ce masa "lafiya lau, Alhaji" ba ta rubuta ba, da babu abin da za mu nuna. Ku kuma masu zuwa asibiti, idan an ce ku dawo a sake awo, ku dawo, kuma ku riƙe lambar katinku guda ɗaya maimakon yankar sabo duk zuwa. Idan mutum ya rasu a gida, a nemi takardar shaida tun da wuri, domin mukan yi jana'iza cikin sa'o'i, kamfani kuwa takarda zai tambaya.

Idan akwai irin wannan littafin a akwatin gidanku, ku ɗauko shi yau tun mai shi na da rai. Ku nemo abu huɗu ku rubuta da Hausa a bayan bangonsa: kwana nawa aka ba ku ku sanar, kwana nawa ne rangwamen zubi, me da me aka ware, da kuma yadda suka fassara ciwon da ya riga yarjejeniya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu cika da imani.